Ajiye Aiki Kafin Lokaci: Abin da Ke Tsakanin Takardar Ritaya da Fanshon Farko

A ƙa'idar aikin gwamnatin tarayyar Nijeriya, ma'aikaci yana sauka ne idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa. Akwai waɗanda aka ɗaga wa ƙafa: dokar 2022 ta kai malaman firamare da sakandare shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, farfesoshin jami'a kuwa sai sun kai 70. Amma ba kowa ke zaman jiran wannan rana ba. Wani gona ke kiransa, wani kasuwa, wani lafiya ce ta ƙi, wani kuma sarautar gidansu ce ta faɗo kansa. Akwai kuma masu shiga siyasa, domin kundin tsarin mulki na 1999 ya wajabta wa ma'aikacin gwamnati ya bar kujerarsa aƙalla kwana 30 kafin ranar zaɓen da zai tsaya.

Rubuta takardar barin aiki ba ya cin rabin sa'a. Abin da ke ba mutane mamaki daga baya shi ne, ranar da aka rufe ofis daban take da ranar da fansho zai fara shigowa, kuma tazarar da ke tsakaninsu tana iya zama wata biyu, tana iya zama shekara biyar. Abubuwa uku ne ke yanke tsawonta: abin da ma'aikaci ya rubuta a takardarsa, halin da fayil ɗinsa yake ciki, da shekarunsa na haihuwa a ranar da ya fita.

Murabus daban, ritaya daban

A hirar yau da kullum, da wanda ya yi murabus da wanda ya yi ritaya duk «ya ajiye aiki» ake cewa. A wurin doka kuwa ba ɗaya ba ne. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta fayyace wannan a 2006, a shari'ar hukumar jarrabawa ta WAEC da Oshionebo. Ta bayyana cewa takardar murabus tana ba ma'aikaci damar tafiya kai tsaye, bayan ya biya duk bashin da ake binsa, amma ba ta ɗauke da haƙƙin sallama. Sanarwar ritaya kuwa tana tafe da haƙƙin fansho ko giratuti, sai dai ba ta ba shi damar ya tattara nasa ya nasa ya fice a ranar da ya miƙa ta.

Wa'adinsu ma ya bambanta. Mai murabus yakan ba da sanarwar wata ɗaya, mai ritaya kuwa wata uku, ko ya biya albashin waɗannan watanni a madadinsu. A tsohon tsarin fansho, wanda Dokar Fansho ta 1979 ta kafa, kuskure a nan yana da tsada ƙwarai, domin murabus yana iya shafe shekarun da mutum ya tara, ko da an sake ɗaukarsa aiki daga baya.

Tsarin da aka shigo da shi a 2004, aka sabunta da dokar gyaran fansho ta 2014, ya rage wannan haɗari. Yanzu kowane ma'aikacin tarayya yana da asusun ajiyar fansho da sunansa a hannun wani kamfanin fansho mai lasisi daga hukumar PenCom. Duk wata ana cire kashi 8 cikin ɗari daga albashinsa, gwamnati ta ƙara kashi 10, a zuba a ciki. Wannan kuɗi nasa ne ko ta wace ƙofa ya fita. Duk da haka, wanda ya yi shekara ashirin ko fiye yana aiki, kuma yake son a biya shi haƙƙoƙinsa duka, ritayar ganin dama ya kamata ya nema, ya kuma rubuta hakan ɓaro-ɓaro. Amsar da ma'aikatarsa za ta ba shi ita ce takardar da kamfanin fansho da PenCom za su dogara da ita, kuma abin da ya roƙa ne za a rubuta a cikinta.

Abin da takardar ke ƙunsa

Don a ga yadda abin yake a aikace, a ɗauki misalin wani ma'aikaci a ofishin wata ma'aikatar tarayya da ke Kaduna. An haife shi a watan Mayu na 1978, ya kama aiki a Fabrairun 1998 yana ɗan shekara 19 da takardar sakandare, ya yi ta ƙaro karatu har ya zama babban jami'i. Da zai jira, shekara 35 za ta cika masa a Fabrairun 2033. Shi kuwa ya ƙudura ya koma noman rani da kiwo, sai ya rubuta takardarsa ranar 1 ga Satumba 2025, yana da shekara 47. Alƙaluman da za su biyo baya na misali ne, an zaɓe su don sauƙin lissafi.

Takardar da Turanci ake rubuta ta, domin shi ne harshen aikin gwamnati, kuma ba a tsallake na gaba. Ana aika ta ga Babban Sakatare, ko shugaban hukuma, ta hannun shugaban sashe, wanda zai sa hannu ya tura gaba. Shafi ɗaya ya wadatar. A sama akwai cikakken suna yadda yake a takardar kama aiki, lambar fayil, lambar IPPIS ta biyan albashi, muƙami da matakin albashi. Sakin layi na farko ya faɗi manufa ba kwana-kwana: yana ba da sanarwar wata uku ta yin ritaya don ganin damar kansa, ranar aikinsa ta ƙarshe 30 ga Nuwamba 2025, ritaya ta fara aiki 1 ga Disamba. Na biyu ya kawo ranar haihuwa, ranar kama aiki da ranar ƙarin girma na ƙarshe. Na uku shi ne roƙon a fara aikin haƙƙoƙinsa, tare da sunan kamfanin fanshonsa da lambar asusunsa: a ba shi takardar amincewa, a fitar da tarihin aikinsa da hatimi, a gabatar da shi ga PenCom don tantancewa, a kuma zuba duk wata gudummawa da ba ta shiga asusunsa ba. Sai godiya a jimla ɗaya da sa hannu.

Ba dole ba ne ya faɗi dalilin tafiyarsa, kuma wannan ba wurin amayar da ɓacin rai ba ne, domin takardar za ta zauna a fayil har abada. Inda faɗin dalili ya zama wajibi shi ne idan rashin lafiya ce, saboda wannan yana da hanyarsa ta daban, kamar yadda za a gani.

Abu mafi muhimmanci a ranar miƙawa shi ne kwafin da zai riƙe. Ya kai takardar rajista, a buga hatimin karɓa mai ɗauke da kwanan wata a kan kwafinsa, wanda ya karɓa ya sa hannu. Daga wannan kwanan wata ake ƙirga wata uku. Idan takarda ta ɓace tsakanin tebur da tebur, wannan kwafi ne kaɗai shaidarsa.

Abubuwa biyu kan tsayar da amincewa. Wanda ke da takardar tuhuma a kansa, ko kwamitin ladabtarwa na bincikensa, yawanci ba a sallamarsa sai an gama. Haka wanda gwamnati ta tura karatu da albashi, ya sa hannu a kan alƙawarin zai dawo ya yi aiki na wasu shekaru: ko ya cika su, ko ya mayar da abin da aka kashe. Bayan haka akwai takardar wanke kai, wadda ke zagaya sassa, kowa ya shaida ba ya binsa komai, daga rancen ƙungiyar adashen ma'aikata zuwa gidan gwamnati da kayan ofis.

Akwai kuma tarko guda da ke kama masu kirki. Wani lokaci albashi kan ci gaba da shigowa wata ɗaya ko biyu bayan ranar ritaya, saboda ba a cire suna daga IPPIS da wuri ba. Wannan kuɗi ba kyauta ba ne. Za a neme shi lokacin lissafin haƙƙoƙi, kuma yana iya riƙe fayil har sai an mayar. Wanda ya ga haka ya sanar da sashen kuɗi a rubuce, ya mayar, ya adana rasit.

Fayil ne ke magana

Ƙa'idojin aikin gwamnati sun ware watanni ukun nan don shirin fita, musamman gyaran takardu. Masu aikin fansho a ma'aikatu kuwa sun san wata uku ba ya isar wanda bai taɓa buɗe fayil ɗinsa ba. Ana buƙatar takardar kama aiki ta farko, takardar tabbatarwa a aiki ko shafin gazet, takardun ƙarin girma, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, takardun albashi na watannin ƙarshe, da takardar canjin wurin aiki ga wanda ya taho daga jiha ko wata hukuma. Macen da ta sauya suna bayan aure tana buƙatar shaidar sauyin.

Matsalar da ta fi kowace yawa ita ce saɓanin suna da ranar haihuwa. Mutum ɗaya sai a same shi Muhammadu a takardar kama aiki, Mohammed a katin NIN, Muhammad a kamfanin fansho, ga sunan gari an liƙa a wuri ɗaya an bari a wani. Mutane da yawa da aka haifa a karkara ba su da takardar asibiti, don haka ranar haihuwar da suka rantse a kanta a 1998 ba lalle ta dace da wadda suka ba masu NIN shekara ashirin bayan haka ba. Gwamnati tana riƙe da ranar da aka rubuta a farkon kama aiki, ba a canza ta. Saboda haka sauran takardu ne za a daidaita da ita. Ga mai ritaya kafin lokaci wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda saɓanin shekara biyu yana iya nufin ƙarin jiran shekara biyu.

PenCom ta umarci duk wanda ya buɗe asusu kafin 1 ga Yuli 2019 ya koma kamfaninsa a sabunta bayanansa, a haɗa su da NIN. Wanda bai yi ba, ba za a biya shi ba sai ya yi. A nan ne kuma ake gano masu lambar asusu biyu, waɗanda suka yi rajista da kamfani biyu a shekarun farko na tsarin, kuɗinsu ya rabu. Haɗe su wuri ɗaya yana cin lokaci.

Mataki na ƙarshe a wannan fanni shi ne karɓo cikakken bayanin asusu tun daga farko, a bi shi wata-wata. Doka ta ce ma'aikata ta zuba gudummawa cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. A aikace akan sami watannin da babu komai, ko shekarun da aka ci gaba da zuba kuɗin tsohon mataki bayan mutum ya sami ƙarin girma. Alamar ita ce adadin bai motsa ba alhali albashi ya motsa. Bin wannan giɓi ya fi sauƙi ga wanda har yanzu yake da tebur a ofis fiye da wanda zai riƙa hawo mota daga ƙauye.

Shingen shekara hamsin

Nan ne zuciyar maganar. Sashe na 7 na dokar 2014 ya ce mai asusu zai fara cin gajiyarsa ne idan ya yi ritaya ko ya cika shekara 50, duk wanda ya zo daga baya. Sashe na 16 ya ƙarfafa hakan. Ma'ana, shekarun aiki ba su buɗe asusu, shekarun haihuwa ne ke buɗewa. Ma'aikacin misalinmu ya yi shekara 27 yana hidima, amma a ranar 1 ga Disamba 2025 ba shi da albashi, ba shi kuma da fansho, sai Mayun 2028. Wata 29 ke nan. Abokiyar aikinsa mai shekara 52, wadda ta miƙa takarda rana ɗaya da shi, tana iya fara karɓar nata da zarar takardunta sun kammala, ko da shekara 20 kacal ta yi a aiki.

A kantar kamfanonin fansho an saba jin mutum yana cewa, «Ai kuɗina ne, ku ba ni abina in ja jari.» Gaskiya ne nasa ne, amma dokar an gina ta ne don kuɗin ya kai shi tsufa. Abin da ta yarje wa wanda bai kai 50 ba ƙofa ɗaya ce: idan wata huɗu ya wuce bai sami wani aikin albashi ba, yana iya cire abin da bai wuce kashi 25 cikin ɗari na asusun ba. A dokar 2004 wata shida ake jira. Sau ɗaya ake wannan cirewa, sauran kuɗin kuma ya ci gaba da zama ana juya shi.

A ce asusun mutuminmu yana da naira miliyan 12. A Afrilun 2026 zai iya neman miliyan 3, a bar miliyan 9. Idan ci da iyali zai yi da ita har Mayun 2028, wata 25, kowane wata yana da naira 120,000. Idan kuma injin ban ruwa da taki da shanu zai saya, to babu na cefane a ciki, sai gona ta fara bayarwa. Ga kuma wata huɗun farko da ba ya da ko sisi daga ko'ina. Kuɗi ɗaya ba ya yin aikin jari da na tukunya a lokaci guda, kuma wannan lissafi ne ya kamata ya riga takarda.

Akwai kuma abin da ya bari a baya. Idan ɓangaren albashinsa da ake lissafin fansho a kai naira 200,000 ne, to kashi 18 cikin ɗari ya kama naira 36,000 duk wata, wato 432,000 a shekara. A shekara bakwai da suka rage masa, sama da naira miliyan 3 ke nan da ba za ta shiga asusun ba, ban da ribarta da abin da ƙarin girma zai kawo. Fiye da rabin wannan kuɗi daga aljihun gwamnati yake fitowa. Haka nan inshorar rai ta ma'aikata, wadda doka ta ce kada ta gaza ninki uku na albashin shekara, tana ƙarewa ranar da aiki ya ƙare. Idan ta Allah ta kasance bayan wannan rana, abin da ke asusu kaɗai magada za su samu.

Wanda rashin lafiya ta fitar yana da hukunci daban. Idan ƙwararren likita ko kwamitin likitoci ya tabbatar ba zai iya ci gaba da aiki ba, ana buɗe masa haƙƙinsa ko bai kai 50 ba. Don haka mai ciwo mai tsanani kada ya rubuta ritayar ganin dama saboda kunya ko gaggawa. Ya nemi ma'aikatarsa ta tura shi gaban likitoci, a rubuta dalilin a takardar amincewa.

Haƙƙin shekarun baya

Duk wanda ya kama aikin tarayya kafin ƙarshen Yunin 2004 yana da wani kaso da ba ya gani a bayanin asusunsa: haƙƙin shekarun da ya yi a ƙarƙashin tsohon tsari. Mutuminmu yana da shekara shida da 'yan watanni irin waɗannan. Gwamnati ta amince bashi ne a kanta, kuma doka ta tanadi wani asusu a Babban Bankin Nijeriya da za a riƙa zuba kashi 5 cikin ɗari na jimillar albashin ma'aikata don biyansa. Amma kuɗin ba ya shiga asusun mutum sai an tantance shi, gwamnati ta saki kuɗi.

Tantancewar PenCom ce ke gudanar da ita ga ma'aikatun da baitulmali ke biya, kuma tun 2021 ta intanet ake farawa. Jami'in fansho na ma'aikata yana shigar da sunan mai ritaya, shi kuma ya yi rajista ya ɗora takardunsa, sannan ya je kamfanin fanshonsa da na asali a duba, a ba shi takardar shaida. A tsarin da aka daɗe ana bi, masu ritayar wajibi akan san su tun shekara guda kafin lokaci, a sa su a kasafi. Mai ritayar ganin dama kuwa ba ya cikin wannan jeri, domin ba wanda ya san zai tafi. Idan bai bi jami'in fansho ya tabbatar an shigar da shi ba, babu wanda zai tuna da shi.

Jinkirin wannan kaso shi ne ya daɗe yana sa 'yan fanshon tarayya jiran shekara guda ko fiye kafin su ga kuɗin farko. A Fabrairun 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a ciwo bashin naira biliyan 758 ta hanyar takardun lamuni don biyan basussukan fansho da suka taru. Ta ɓangaren kamfanoni ma an rage tsawon hanya: daga 1 ga Yuni 2025 PenCom ta ba su ikon amincewa da biyan yawancin haƙƙoƙi da kansu cikin kwana biyu na aiki bayan takardu sun cika, ba sai an jira izini daga Abuja ba. Kwana biyun nan dai daga ranar da fayil ya kammala ake ƙirga su.

Ranar da asusu ya buɗe

Idan Mayun 2028 ya zo, mutuminmu zai koma kamfaninsa da takardar amincewa da ritaya, shaidar shekaru, takardun albashi na ƙarshe, hotuna da bayanan banki. Ba za a miƙa masa kuɗin duka ba. Kamfani zai sa abubuwa huɗu a ma'aunin da PenCom ta tsara: abin da ke asusu, shekarunsa, namiji ne ko mace, da albashinsa na ƙarshe. Manufar ita ce a fara ware abin da zai ba shi fanshon wata-wata, ana hanƙoron rabin albashinsa na ƙarshe, sannan a duba abin da za a iya ba shi a dunƙule. Wannan dunƙulallen kuɗi mutane kan kira shi giratuti, alhali daga cikin ajiyarsa ake yanko shi, kuma gwargwadon girmansa gwargwadon ƙanƙancewar na wata-wata. Wanda ya riga ya ɗebi kashi 25 ya sa a ransa cewa abin da zai samu a nan ba zai taka kara ya karya ba.

Ƙuruciya ma tana rage fansho. Lissafi mai sauƙi, wanda bai sa riba a ciki ba, yana nuna dalili: naira miliyan 9 da aka raba wa shekara 20 tana ba da 37,500 a wata, idan kuma shekara 30 aka raba wa sai ta koma 25,000. Ma'aunin hukuma ya fi haka zurfi, amma alƙiblar ɗaya ce. Ɗan shekara 50 ana sa ran zai daɗe yana karɓa fiye da ɗan 60. Idan kuwa asusun ya yi ƙanƙantar da ba zai iya ba da kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashi ba, wanda ya zama naira 70,000 tun 2024, ana iya ba mutum kuɗinsa gaba ɗaya.

Sannan sai zaɓi tsakanin hanya biyu. Ta farko, kuɗin ya zauna a kamfanin fansho ana juyawa ana biyansa wata-wata ko duk wata uku. Idan ya rasu, abin da ya rage na magada ne. Ta biyu, a miƙa kuɗin ga kamfanin inshorar rai, shi kuma ya ɗauki alƙawarin biyansa muddin yana raye. A nan akwai lamunin shekara goma: idan ya rasu a cikinsu, magada za su karɓi na sauran shekarun, idan kuwa bayan sun wuce ne, babu abin gado. Ana iya tashi daga ta farko a koma ta biyu, amma ba a dawowa. Ga mai iyali da yawa da ƙananan yara, wannan bambanci ya cancanci zama da shawara. Masu gudun kuɗin ruwa kuma suna da Asusu na Shida, wanda PenCom ta buɗe a 2021, inda ake juya kuɗi ta hanyoyin da ba ruwa irin su sukuk, kuma ma'aikaci da ɗan fansho duk suna iya neman a mayar da su can.

Ma'aikacin jiha ya duba dokar jiharsa

Duk abin da ya gabata na ma'aikacin tarayya ne. Jihohi kowace da dokarta. Kaduna ta shiga tsarin asusun kai tun Janairun 2017, don haka lissafinta ya yi kusa da wannan. Jigawa da Kano kuwa suna karɓar gudummawa amma a tukunya ɗaya, kuma shekarun aiki da albashin ƙarshe ne ke yanke fansho da giratuti. A irin wannan tsari, kowace shekara da aka bari tana da farashi a fili. A jadawalin tsohon tsarin tarayya, wanda jihohi da yawa suka gada, shekara 10 tana ba da fanshon kashi 30 cikin ɗari na albashi, ana ƙara kashi 2 duk shekara har ya kai 80 a shekara 35. Wanda ya tafi a shekara 27 ya tsaya a kashi 64. A nan kuma bambancin murabus da ritaya yana nan da cikakken ƙarfinsa. Sai batun layi: gwamnatin Kano da ta hau a 2023 ta ce ta tarar da bashin giratuti da haƙƙin mamata na kusan naira biliyan 48, ta shiga biya kashi-kashi. Ma'aikacin jiha da ke shirin ja jari da giratuti ya fara tambayar hukumar fanshon jiharsa 'yan wace shekara ake biya a yanzu.

Shi kuwa mutumin Kaduna, da ya ɗaga ranarsa zuwa ƙarshen Mayun 2028, da har yanzu ya fita kusan shekara biyar kafin lokacinsa. Da ya ci albashin waɗannan watanni, sama da naira miliyan 1 ta ƙaru a asusunsa, miliyan 3 ɗin da ya cira tana ciki tana riba, inshorar rai tana kansa, kuma ya sami lokacin daidaita sunansa da cike giɓin gudummawarsa yana kan kujera. Idan gonar ba za ta iya jira ba, to abin da yake buƙata kafin ya sa hannu shi ne guzurin wata huɗu a hannu, da wata hanyar samu da za ta riƙe gidansa na sauran wata 25.